Lodin digoksin ta baki: yadda za ka rubuta wa malaminka idan amsar da ke takardarsa ba ta fita ba

Tambaya: A gwajin famakoloji an ba mu majiyyaci mai kilo 70 da za a fara masa digoksin na ƙwaya, maganin zuciya. `Vd`, wato faɗin rarrabuwar maganin a jiki, lita 7 a kowane kilo, `F`, wato kason maganin da ke isa jini, 0.7, ana son maganin ya kai nanogiram 1 a kowace mililita ta jini. An ce a nemo lodin-dos: (A) maikirogiram 343, (B) 490, (C) 700, (D) 1,000. Na zaɓi C, amma takardar amsoshin Malam ta ce B. Ina son rubuta masa, amma ina tsoron ya ga kamar raini ne. Ni ne da kuskure? In ba ni ba ne, yaya zan faɗa masa?

Amsa: In har kalmomin tambayar kamar yadda ka kawo su suke, kai ne daidai, C ce amsa. Na daɗe ina koyar da wannan ɓangare na famakoloji, ina tsara irin waɗannan tambayoyi, ina kuma karanta wasiƙun da ɗalibai ke rubutowa a kansu. Abin da zan gaya maka tun da farko shi ne, ladabin irin wannan wasiƙa ba a yawan gaisuwa yake ba. Ladabinta shi ne ka yi wa malamin aikin binciken gaba ɗaya, yadda zai iya tabbatar da maganarka ko ya rushe ta cikin minti biyu. Don haka mu fara da lissafin, domin shi ne cikin wasiƙar.

Lodin-dos shi ne babban awon farko da ake bayarwa don a cika jiki da magani nan take, maimakon a jira ƙananan awo na kullum su taru. Digoksin yana ɗaukar kamar awa 36 zuwa 48 kafin yawansa a jini ya ragu da rabi ga mai lafiyayyar ƙoda, saboda haka in ba a yi lodi ba sai an shafe wajen mako guda kafin ya daidaita a jini. Tambayar da lodi ke amsawa ita ce: maikirogiram nawa ne ya kamata su kasance a cikin jiki don jini ya nuna adadin da ake so? Wannan kuwa `Vd` ne ke faɗa. A lissafin da ke ƙasa, `C` na nufin adadin da ake so a jini, ba zaɓin C ba.

```
Vd = 7 L/kg × 70 kg = 490 L
C  = 1 ng/mL = 1 µg/L
Vd × C = 490 L × 1 µg/L = 490 µg
```

Kada lita 490 ta rikita ka don ta fi girman jikin mutum nesa ba kusa ba. Ba ruwan da ke jiki ake aunawa ba. Digoksin yana barin jini ya je ya manne a tsokar jiki da tsokar zuciya, sai abin da ya rage a jini ya zama ɗan kaɗan, kamar an narkar da maganin a ruwa mai yawan gaske.

To, wannan maikirogiram 490 ɗin adadin da dole ya shiga jini ne. Da allurar jijiya za a yi, magana ta ƙare a nan, domin duk abin da ke cikin sirinji jini yake shiga, `F` ɗinsa 1 ne. Amma ƙwaya aka ce. Ƙwayar digoksin, wajen kashi 70 cikin 100 ne kawai ke ratsa hanji ya isa jini. Kamar mai ɗiban ruwa ne da bokiti mai yoyo, wanda kashi uku cikin goma ke zubewa a hanya: in ana son bakwai su isa, goma zai ɗebo. Shi ya sa ake rabawa da `F`, ba a ninkawa.

```
LD = (Vd × C) / F = 490 µg / 0.7 = 700 µg
```

Yanzu ga abin da ya fi komai ƙarfi a hannunka, wanda yawancin ɗalibai ba sa yi. Ka ɗauki amsar Malam ka mayar da ita cikin tambayar, ka ga inda za ta kai majiyyacin. Ya haɗiyi maikirogiram 490, kashi 70 cikin 100 ya shiga jini, wato 343. Raba 343 da lita 490, ka samu 0.7. Ke nan jininsa zai tsaya a nanogiram 0.7 a kowace mililita, alhali tambayar da bakinta ta ce 1 ake so. Wannan hujja ta fi kawo littafi goma, domin ba ta dogara da wanda ya fi wani girma tsakanin Malam da marubucin littafi ba. Lambobin da shi kansa ya bayar ne suke magana.

Amma kada ka ɗauki biro tukuna. Akwai hanya biyu da B za ta iya zama daidai, kuma wajibi ne ka bi su da kanka kafin Malam ya nuna maka su.

Ta farko ita ce hanyar bayar da maganin. Ka tabbata tambayar ta ce ƙwaya, ko ta baki? Na ga ɗalibai da yawa sun zo da zafinsu, aka buɗe takarda, sai ga shi an rubuta allurar jijiya ƙarara. Su dai sun ga `F` a cikin tambayar, sai ƙwaƙwalwarsu ta cike sauran. Masu tsara tambaya suna sa `F` da gangan a tambayar allura, don su ga wanda zai gane cewa ba a buƙatarsa. In haka aka rubuta, B ce amsa, kuma tambaya ce mai kyau. Saboda haka kada ka dogara da abin da ka tuna. Ka nemi takardar tambayoyin, ko hotonta in an yarda a ɗauka. In an karɓe takardun, ka tambayi mutum biyu ko uku a ajinku, kowa shi kaɗai, ba tare da ka faɗa musu abin da kake son ji ba, sannan a wasiƙar ka bayyana cewa daga ƙwaƙwalwa ka kawo lafazin. Akwai kuma yiwuwar cewa ba a ambaci hanyar ba sam: an ba da `F`, ba a ce ƙwaya ba, ba a ce allura ba. A nan ba za ka ce amsar Malam kuskure ba ce. Abin da za ka ce shi ne tambayar tana ɗaukar B da C duka, kuma wannan wasiƙa ce daban da wadda zan rubuta maka a ƙasa.

Hanya ta biyu ta fi zurfi, kuma malamin da ya san fanninsa zai iya jefo maka ita. Idan an auno `Vd` na magani daga mutanen da suka sha shi ta baki kawai, ba a yi musu allura don kwatantawa ba, abin da lissafi ke fitarwa ba `Vd` na ainihi ba ne, `Vd/F` ne. Wato an riga an raba da `F` a ciki. Wanda ya sake rabawa ya yi sau biyu. Da tambayarku ta rubuta `Vd/F`, ko ta ce daga shan ƙwaya aka samo wannan adadi, to 490 ce. Sai dai lita 7 a kowane kilo adadi ne da aka saba bayarwa a matsayin `Vd` na ainihi na digoksin, kuma tambayar ta kawo `Vd` daban, `F` daban. Don haka ban ga wannan ƙofa za ta buɗe ba a nan. Duk da haka ka ambace ta a jimla ɗaya. Malami in ya ga ɗalibi ya nemo masa mafita da kansa bai samu ba, ya san ba neman rigima ya kawo shi ba.

Akwai wani gyara da ake yi a wasu magunguna wanda bai shafi digoksin ba, ina faɗa ne don kada wani ya ruɗe ka da shi. Wasu magunguna a haɗe suke zuwa da wani sinadari, sai a ƙara `S`, wato kason ainihin maganin a cikin haɗin, a ƙasan lissafin tare da `F`. Aminofilin, misali, kusan kashi 80 cikin 100 nasa ne tiyofilin. Na digoksin 1 ne, ba ya canza komai.

Duba zaɓin guda huɗu da kyau, za su nuna maka yadda aka gina tambayar. 343 amsar wanda ya ninka da `F` ce maimakon ya raba. 490 amsar wanda bai yi amfani da `F` ba ce. 700 ta wanda ya raba. Duk wanda ya tsara wannan ya san lissafin sarai, shi ya sa ya iya ƙera wa kowane kuskure tarkonsa. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi zai gyara maka murya. Malaminka bai jahilci yadda ake lissafin lodi ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, akwai tsohuwar tambaya ta allura wadda amsarta B ce, aka sauya ta zuwa ƙwaya don kada ta yi kama da ta bara, aka manta ba a taɓa takardar amsoshi ba. Ko kuma an jujjuya jerin zaɓin bayan an riga an rubuta harafin amsa. Ko wani ne daban ya kwafe haruffan, idonsa ya zame layi ɗaya. Kuskuren alƙalami ne, kuma wanda ya yi kuskuren alƙalami ba ya buƙatar a karantar da shi darasi. Nuni kawai yake buƙata. Kai ma kada ka tsaya yi masa hasashen yadda kuskuren ya auku, wannan shi zai gano da kansa.

Wasiƙun da suke lalacewa, a nan suke lalacewa. Ɗalibi ya cika shafi biyu yana bayyana wa malamin famakoloji ma'anar `F`, har da zane. Wani kuma ya ƙara bayanin da ba a tambaye shi ba, ya yi kuskure a cikinsa. Wanda na fi gani a kan digoksin shi ne a rubuta cewa hanta ce ke cinye kashi 30 ɗin kafin ya isa jini. Wannan gaskiya ne ga furofuranolol ko mofin, amma ba ga digoksin ba. Shi hanta ba ta sarrafa shi sosai, ƙoda ke fitar da mafi yawansa yadda yake. Asararsa a hanji take: ba duka ke tsotsuwa ba, akwai wani famfo a bangon hanji, fi-gilaikofurotin, da ke mayar da wani kaso cikin hanji, a wasu mutane kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji suna kashe ƙarfin wani ɓangare. Da zarar malami ya ga kuskure ɗaya irin wannan, hankalinsa ya koma kan gyara ka, asalin maganar ta bi ruwa. Abin da tambayar ba ta nema ba, bar shi.

Ga yadda zan rubuta da ni ne a matsayinka. Ka mayar da ita harshen da kuke karatu da shi, ka kira shi da muƙamin da ake kiransa da shi a sashen, Dakta ko Farfesa.

> Roƙon a sake duba amsar tambaya ta 14 a gwajin famakoloji
>
> Malam, barka da aiki. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya.
>
> Ni ɗalibinka ne a wannan kwas, sunana da lambata suna ƙasa. Na rubuto ne game da tambaya ta 14, ta lissafin lodin digoksin. Takardar amsoshi ta nuna B, maikirogiram 490, ni kuma na samu C, 700. Na sake bin lissafin ban gano inda na kauce ba, shi ya sa nake roƙon Malam ya duba mini idan ya samu sarari.
>
> Tambayar ta ce majiyyacin kilo 70 ne, za a ba shi ƙwaya, `Vd` lita 7 a kowane kilo, `F` 0.7, ana son nanogiram 1 a kowace mililita. Na haɗo hotonta.
>
> `Vd` ya zama lita 490. Adadin da ake buƙata a jiki ya zama maikirogiram 490. Da yake ta baki ne, na raba da 0.7 kamar yadda Malam ya nuna mana a lakcar lodin-dos, na samu 700.
>
> Na gwada B don in gani: idan ya sha 490, abin da zai isa jini 343 ne, wanda zai ba da nanogiram 0.7 a kowace mililita, ƙasa da 1 da tambayar ta nema.
>
> Na ga 490 za ta zama daidai idan allurar jijiya ake nufi, ko idan `Vd` ɗin da aka bayar ya riga ya ƙunshi `F`. Ban ga ɗayansu a lafazin tambayar ba, amma mai yiwuwa akwai abin da ya wuce ni. Idan haka ne, zan so Malam ya nuna mini, don kada in maimaita shi a babbar jarrabawa. Idan kuma C ce, ina roƙon a duba gyaran.
>
> A shirye nake in zo ofis duk lokacin da Malam ya ga ya dace.
>
> Na gode, Allah ya saka da alheri.
>
> Ɗalibinka,
> suna, lambar rajista, aji

Lamba 14 ni na sa, ka saka ta gaskiyar. Haka ma maganar lakca: kada ka rubuta ta sai ka buɗe littafin rubutunka ka ga lallai ya koyar da rabawa da `F`. In ya koyar, wannan jimla ta fi kowace amfani, domin ka sa shi ya zama shaidar kansa. Kana ce masa ne, abin da ka koya mini na bi. In bai koyar ba, ka kawo littafin da sashen ya amince da shi, da bugunsa da shafinsa, guda ɗaya ya isa. Kada ka kawo hoton wani shafin intanet marar marubuci, kada kuma ka ce wani malami ya ce kai ne daidai. Wannan na ƙarshe yana da illa ƙwarai. Ka mayar da maganar lissafi ta zama maganar wane ya fi wane a sashe, kuma mutum zai iya kafewa a kan kuskure don kawai kada a ce abokin aikinsa ya gyara shi ta bakin ɗalibi.

Ka lura wasiƙar ba ta ce "amsar Malam ba daidai ba ce" ko sau ɗaya ba, amma ba ta ɓoye komai ba. Duk wanda ya karanta ya san abin da kake cewa. Wasu suna wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su yi ta ba da haƙuri, "na san ban isa ba, a gafarce ni, wataƙila ma shirme nake yi", har a kai ƙarshe ba a gane wace tambaya ake magana a kai ba. Wannan ba girmamawa ba ce, ƙarin aiki ne ga mutumin da ke da tarin takardu a gabansa. Jimlar "mai yiwuwa akwai abin da ya wuce ni" sau ɗaya ta isa, kuma ka rubuta ta kana nufinta da gaske. Ni da nake ba ka amsa ban ga takardar da idona ba.

Maganar maki na bar ta a ƙarshe, cikin kalmomi kaɗan, kuma ban ce "a mayar mini da makina" ba. Dalili shi ne, in amsar ta canza, ba kai kaɗai za ta shafa ba. Duk wanda ya zaɓi C zai samu, waɗanda suka zaɓi B kuma sai an yanke shawara a kansu, ko a ƙwace makin, ko a bar musu, ko a soke tambayar ga kowa. Wannan hukunci na malamin ne da sashensa. Ɗalibin da ya fara da cewa maki ɗaya ya hana shi cin kwas, ya sa malami ya karanta sauran wasiƙar da idon tuhuma, ko da lissafinsa daidai ne.

Wani abin da na cire da gangan shi ne tsoratarwa da rayuwar majiyyaci. Ɗalibai suna son rubuta cewa irin wannan kuskure zai iya kashe mutum. A nan ba haka ba ne. Wanda aka ba 490 ta baki bai samu abin da aka nufa ba, amma 0.7 ɗin da zai tsaya a kai yana cikin abin da ake nema a yau ga masu raunin zuciya, wato 0.5 zuwa 0.9. Haɗarin yana ta ɗaya gefen ne: a ɗauki 700 na ƙwaya a zuba a jijiya, yawan maganin a jini ya haura zuwa wajen 1.4, ga tsoho mai raunin ƙoda ko wanda fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa. A nan ake ganin tashin zuciya da amai, gani ya koma rawaya-rawaya, bugun zuciya ya rikice. Shi ya sa idan za a mayar da majiyyaci daga ƙwaya zuwa allura ake rage awon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka san wannan don kanka, amma ba wurinsa ba ne a wasiƙar. Haka kuma kada ka yi gardamar cewa a asibiti ba a ba da lodi gaba ɗaya, ana ba da rabi ne sannan a raba sauran biyu a tsakanin awa 6 zuwa 8. Gaskiya ne, amma tambayar jimillar ta nema, kuma jimillar ba ta canzawa.

Game da aikawa, ka aika masa shi kaɗai, ta hanyar da ya ce a riƙa tuntuɓarsa, imel ko takarda a hannu. Kada ka saka shugaban sashe a kwafi a karon farko, domin hakan ƙara ce ka kai kafin ka yi tambaya. Kada kuma maganar ta fara yawo a guruf ɗin aji da hoton takardar da alamar dariya. Magana zarar bunu ce, kuma irin wannan hoto yakan riga wasiƙa isa ofis. In da wasu da suka zaɓi C, ba sai kowa ya rubuto ba, ba kuma sai an tara sa hannu ba. Wasiƙa ɗaya mai lissafi tsaf ta wadatar. Sa hannun mutum 40 ba ya ƙara wa 700 gaskiya, sai dai ya sa abin ya yi kama da taron dangi. Kuma ka yi sauri, cikin kwana biyu ko uku da fitar amsoshin. Kafin a miƙa maki, gyaran aikin malamin ne shi kaɗai a kan teburinsa. Bayan an miƙa an amince, canza lamba ɗaya kan buƙaci takarda da sa hannun wasu, kuma nan ne mutane ke fara jan ƙafa.

In ya amsa ya ce ka yi daidai, ka yi godiya a layi ɗaya ka bar maganar. Shi zai sanar da aji yadda ya ga dama. In ya ce B ce kuma ya kawo dalili, ka ɗauki dalilin ka yi masa gwajin da muka yi a sama: da wannan fahimta, jinin majiyyacin zai kai 1? In ya kai, ka koyi wani abu, ka gode masa. In ya ce allura yake nufi ko da yake an buga ƙwaya, to ya yarda da kai a kan ilimin ke nan, saura maganar adalci, kuma kana iya cewa cikin natsuwa, "Malam, mu abin da aka rubuta muka amsa."

Mafi wuya shi ne ya ce "abin da ke takarda shi ne amsa" ba tare da dalili ba, ko ya yi shiru. Shiru na mako guda ba ƙi ba ne, sau da yawa bai buɗe ba ne. Ka je ofis a lokacin ganin ɗalibai da lissafin a takarda guda, ka gaishe shi, ka ce ka aiko da saƙo a kan tambaya kaza, ko ya samu dubawa. Ka miƙa masa takardar ka yi shiru ya karanta. Kada ka tare shi a bakin aji a gaban mutane.

Idan da na'ura aka duba gwajin, akwai roƙo guda da za ka iya yi wanda ba ya taɓa mutuncin kowa: a duba yadda ɗalibai suka rarrabu a kan wannan tambaya. Masu nazarin jarrabawa sukan ware kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka fi maki a gwajin gaba ɗaya, da kashi 27 na ƙasa, su kwatanta. A tambaya mai lafiya, na sama sun fi na ƙasa zaɓen amsar da ke takarda. Idan aka ga na sama sun taru a kan C, na ƙasa ne suka fi cin B, wannan sananniyar alama ce ta cewa harafin da aka saka a takardar amsoshi ba shi ba ne. Malamai sun san wannan gwaji, kuma da yawa sun fi samun sauƙin karɓar gyara daga gare shi.

In duk wannan bai yi ba, kuma makin yana da tasiri a sakamakonka, sai ka bi matakin da dokar makarantarku ta tanada, wanda yawanci yakan fara daga mai kula da kwas ɗin ko jami'in jarrabawa na sashe. Ka karanta ƙa'idar tukuna, domin galibi akwai wa'adi. Ka gaya wa Malam da bakinka cewa za ka nemi a duba, kada ya ji daga sama. Ka miƙa wasiƙar nan yadda take, da kwanan watan da ka aika ta, da amsar da ya bayar in akwai, ba tare da ƙara ko kalma ɗaya a kan halinsa ba. A babbar jarrabawa kuma, in tambayar ta sake fitowa da ƙwaya da `F` 0.7, ka raba da 0.7. In rubutu ne ba canki-canka ba, ka rubuta hanyar bayarwar a layin farko, ka nuna 490 a matsayin abin da ake buƙata a jiki, sannan 700 a matsayin abin da za a haɗiya, kowanne da ma'auninsa a gefe.